Takarda ta ce basir na ciki ne, ni kuwa a waje nake taɓa shi

Sani Tela: Assalamu alaikum jama'a. Na cire kunya ne zan yi tambayar nan don abin ya tsaya mini a rai. Shekarata 38, ɗinki nake yi a Bagalam, wuni nake zaune kan keke. Na daɗe ina ganin jini in na zaga, ja wur, yana ɗiga bayan na gama, amma babu zafi. Daga baya wani nama ya fara leƙowa in na yi yunƙuri. Da farko in na miƙe sai ya koma da kansa. Yanzu ba ya komawa sai na sa yatsa na tura shi wajen tsarki, kuma in na ɗaga kaya mai nauyi ya kan sake fitowa. Na je asibiti, lokotoro ya sa safar hannu ya duba ni, ya sa wani ɗan bututu ya haska da fitila, ya rubuta takarda. Ƙanena ya karanta mini, ya ce an rubuta basir na ciki, mataki na 3. To yaya za a ce na ciki alhali da hannuna nake taɓa shi a waje? Kuma matakan nan nawa ne gaba ɗaya? In na kai na ƙarshe me zai same ni?

Alhaji Ada: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya Malam Sani. Basir ai babu ɗan Adam ɗin da ba ya da shi. Ni shekara da shekaru ina tuƙi tsakanin Maraɗi da Damagaram, na san shi ƙwarai. Shi ke sa ciwon baya, shi ke sa kumburin ciki da kasala, shi ke rage wa namiji ƙarfi wajen iyali. Ka bar yaji da maiƙo da tsire, ka nemi sassaƙe mai kyau ka jiƙa. Kada ka yarda a sa maka wuƙa.

Lawali: Yaya Sani, ni ɗalibin aikin jinya ne, ga yadda na fahimta. Matakan huɗu ne. Na 1 da na 2 su ne na ciki, tunda ba a ganinsu. In ya kai na 3 da na 4 ya fito, ya zama na waje ke nan. Wataƙila lokotoron ya rubuta na ciki ne don daga can ya faro.

Majo Issufu: Sannu Sani, Allah ya sawwaƙe. Lawali ɗana, adadin ka faɗa daidai, huɗu ne. Amma rabon da ka yi ba haka yake ba, kuma wannan kuskuren ne ke sa mutane da yawa neman maganin da ba nasu ba. Duka matakan huɗu na basir ɗin ciki ne. Na waje ba a ba shi mataki ko ɗaya.

Na yi aikin ɗakin fiɗa har na yi ritaya, bari in faɗi abin da ake gani in an haska wurin. Daga bakin dubura in aka shiga ciki kamar santimita 2, akwai wani layi da ya zagaye hanyar. Ƙasan layin fata ce, irin fatar jiki, cike da jijiyoyin jin zafi, ko ɗan ƙarzanewa ta yi sai mutum ya sani. Saman layin kuwa ba fata ba ce, tattausar fatar hanji ce mai danshi, kuma ba ta jin zafin yanka ko na tsini, sai dai nauyi da cika. A saman layin nan Allah ya halicci wasu matasan nama guda uku masu yawan jijiyoyin jini, ɗaya a hagu, biyu a dama, gaba da baya. Aikinsu su taya dubura rufewa ruf, kada iska ko ruwa su kuɓuce. A nan kaɗai maganar Alhaji take da gaskiya: kowa yana da su. Amma samunsu ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne in sun kumbura, abin da ke riƙe da su ya saki saboda yawan yunƙuri, suka fara zubar da jini ko zamewa ƙasa.

To wanda ya taso daga saman layi shi ne na ciki, ko ya fito waje ko bai fito ba. Wanda ya taso ƙarƙashin fatar bakin dubura, ƙasan layi, shi ne na waje. Sani, kai tela ne: in shafin riga ya saki ya leƙo ta ƙasan riga, ana ganinsa a waje, amma har yanzu shafi ne. Naka ke nan. Shi ya sa ka daɗe kana ganin jini ba ka jin zafi.

Sani Tela: Baba Majo na gode, yanzu na fara gani. To matakan fa, da girmansa ake aunawa ko da yawan jinin?

Majo Issufu: Ba ko ɗaya. Abu ɗaya ake tambaya: yana fitowa? In yana fitowa, yaya yake komawa?

Lokacin da jini kawai kake gani, babu abin da ke leƙowa, kana mataki na 1 ne. A lokacin ko lokotoro ya duba da ido ba zai ga komai ba, da yatsa ma da wuya ya ji shi don taushi gare shi, sai an sa bututun nan da ka ce. Lokacin da ya fara leƙowa in ka yi yunƙuri, ka miƙe ya koma da kansa, na 2 ke nan. Ranar da ya daina komawa sai da yatsanka, ka shiga na 3, inda kake yanzu. Na 4 shi ne wanda yake zaune a waje dare da rana, in an tura ba ya shiga, ko ya shiga ya dawo nan take. Ka ga kai da bakinka ka ba da labarin matakai uku a jere ba ka sani ba. Wani likitan fiɗa mai suna John Goligher, da ya yi aiki a Leeds ta Ingila, da sunansa ake kiran wannan rabon, kuma shi likitocinmu ke bi.

Game da tsoronka, na 4 ba ajali ba ne, kuma basir ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji. Sannan ba dole ne kowa ya bi matakan har ƙarshe ba. Akwai wanda zai zauna a na 2 har tsufansa.

Lawali: Baba, to ashe mai na 4 ya fi mai na 1 shan wahala ko da yaushe?

Majo Issufu: A'a, kuma nan ne awon yake da gajiyawa, su kansu likitocin fiɗa suna faɗin haka. Na ga dattijuwa mai na 4, abin da ke damunta kawai danshi da ƙaiƙayi da ɓata zane, tana harkokinta. Na kuma ga saurayi mai na 1, babu abin da ya taɓa leƙowa, amma jinin da yake zubarwa kullum ya sa tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, ba ya iya tafiya mai nisa sai haki, sai da aka ƙara masa jini. Matakin bai ce komai ba kan jini, bai ce komai ba kan zafi. Shi ya sa lokotoro mai hankali ba ya tsayawa kan lamba, sai ya tambayi me ya fi damunka, ya kuma sa a auna jininka in zubar ta daɗe. Sani, in ba a auna naka ba, ka roƙa a auna.

Abu ɗaya da ke sa na ciki ya yi zafi mai tsanani shi ne in ya fito, dubura ta matse shi, ya kumbura ya ƙi komawa, launinsa ya koma baƙi-baƙi. Jini ne ya kasa zagayawa a cikinsa. Wannan ba a kwana da shi a gida, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Mamman Kabu-kabu: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ni ban taɓa ganin jini ba, ban taɓa ganin komai ba. Shekaranjiya da dare na yi fama da bayan gida mai tauri, da safe na tashi da wani ƙullutu a gefen dubura, tauri gare shi, girmansa ya kai gujiya. Zafi kamar in yi kuka, ba na iya zama kan moto. Na yi ta turawa ya ƙi shiga. Bisa bayanin Baba Majo ke nan ni na tsallake uku na faɗa na 4 dare ɗaya?

Majo Issufu: Mamman, ka daina turawa, don Allah. Ban gan shi ba, amma yadda ka faɗa ya fi kama da na waje wanda jini ya daskare a cikinsa. Ba daga ciki ya fito ba balle ya koma, nan ne mazauninsa, ƙarƙashin fata. Tura shi ƙara masa kumburi kawai yake. Ka sa madubi ko ka shafa a hankali: in fata ce ta rufe shi, busasshiya irin ta jiki, ƙullutu ɗaya a gefe guda, launinsa shuɗi-shuɗi, to shi ne. Na ciki da ya fito jajaye ne ko ruwan hoda, da laushi, da danshi da ɗan majina, kuma in ka bi shi da yatsa za ka ji ya ci gaba zuwa ciki.

Naka lokaci ne ke hukunci a kansa. Zafin yana kai ƙarshensa cikin kwana biyu zuwa uku na farko. In mutum ya zo cikin awa 72 kuma zafin ya hana shi sakat, ana iya yi masa allurar kashe zafi a wurin, a cire gudan jinin tare da jijiyar da ya daskare a ciki, ya koma gida a ranar. In an wuce haka kuma zafin ya fara sauka, yawanci ba a taɓawa, don ciwon yankan zai fi wanda ya rage. Sai a ba da maganin zafi, da abin tausasa bayan gida, da zama cikin ruwan ɗumi a roba kamar minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Zafi ya kan tafi cikin mako guda ko kwana goma, ƙullutun kuma ya ɗauki makonni kafin ya sace. Wani lokaci yana fashewa da kansa, baƙin jini ya fito, mutum ya ji sauƙi. Kai kana kan gaɓa, ka je yau a gani, kada ka bari sai gobe.

Mamman Kabu-kabu: To Baba. Wani abokina ya ba ni taramol, shi nake sha don in samu in fita aiki.

Majo Issufu: Ka ajiye shi. Taramol yana busar da bayan gida, abin da ya jawo maka wannan tun farko shi zai ƙara. Farasitamol ya ishe ka kafin ka isa asibiti.

Hajiya Mariyama: Barkanku da hira. Ni unguwarzoma ce, kuma abin da Malam Issufu ya ce kan bambancin fata da nama mai danshi ina so mata su riƙe shi. Mace ta kan zo wajen awo cikin wata na bakwai ko na takwas, ko bayan haihuwa, hankali tashe, ta ce basir ya fito mata. Nauyin ciki yana danne jijiyoyi, ƙwayoyin ƙarin jini da muke ba su suna taurara bayan gida ga wasu, sannan ga nishin haihuwa. Da yawa yana lafawa da kansa cikin makonnin jego, don haka ba ma gaggawar maganar aiki, kuma matakin da aka gani ranar haihuwa ba shi ne na gaskiya ba, sai jiki ya koma. Kada mai ciki ta bar ƙwayar ƙarin jini da kanta saboda wannan, ta faɗa mana a gyara mata.

Wani abu kuma, bayan ƙullutu irin na Mamman ya warke ya kan bar ɗan leɓen fata mai laushi, babu zafi babu jini. Mata da yawa suna zaune da shi shekaru suna cewa basir mai tsiro gare su, suna ta sayen jiƙo. Fata ce kawai da ta miƙe ba ta koma ba. In ba ta hana tsarki ba, a bar ta.

Maman Nafisa: Hajiya don Allah ni ɗiyata ce, shekararta 3. Ta yi zawo ya daɗe, yanzu in ta hau fo sai wani jan abu ya fito mata, dogo, sai na sa tsumma mai ɗumi na mayar. Tsofaffi sun ce ɗankanoma ne, maƙwabciyata ta ce basir ne ta gada wajen babanta. Tunda da hannu nake mayarwa, na 3 ne ita ma?

Hajiya Mariyama: A'a ƙanwata, kada ki sa ta cikin lissafin nan. Basir a yaro mai shekara 3 abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Abin da ya fi yawa ga yara shi ne ƙarshen hanji da kansa ya zazzago, kuma zawo mai daɗewa, tsutsar ciki da rama su ne ke kawo shi. In ya fito ki duba da kyau: na hanji dunƙule ɗaya ne, layukansa sun zagaye shi zobe bayan zobe, da rami a tsakiya. Basir kuwa ƙulli-ƙulli ne rabe da juna, da tsagi tsakaninsu. Ki ci gaba da mayarwa a hankali da hannu mai tsabta da ɗan man shafawa, kada ki bar ta ta daɗe kan fo, kuma kada a yi mata hayaƙi ko a cusa mata komai. Ki kai ta asibiti a auna nauyinta a duba kashinta. Yawancin yara in an magance zawon suka yi ƙiba, abin yana dainawa. In kika ga ya ƙi komawa ko ya canza launi, a tafi nan take.

Alhaji Ada: Majo, ina girmama iliminka, amma ni ban gamsu ba. Wanda nake nufi ba ya fitowa, ba ya jini, a ciki yake cin mutum. In na sha jiƙo na yi zawo sai in ji bayana ya saki. Wannan a wane mataki kuka sa shi?

Majo Issufu: Alhaji, ba ya cikin ko ɗaya. Ciwon bayanka gaskiya ne, kumburin cikinka gaskiya ne, ban ƙaryata ka ba. Amma naman nan uku da nake magana ba su da hanyar da za su kai ga ƙashin baya ko ga ƙarfin namiji. Mai tuƙin doguwar hanya yana da dalilan ciwon baya da yawa. Raunin iyali kuma sau da yawa alamar ciwon suga ne ko hawan jini, kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan: mutum ya shekara yana shan maganin basir, suga na cinsa a ɓoye. Ka auna su biyun, ba su da tsada. Zawon da jiƙo ke sa ka ma ba alheri ba ne ga dubura, yawan zawo yana tayar da basir kamar yadda tauri ke tayar da shi.

Alhaji Ada: Zan auna in sha Allah. Amma maganar yaji ba zan bari ba. Duk ranar da na ci kilishi mai yaji, gobe sai na sani.

Lawali: Nan kam ina bayan Alhaji, marasa lafiya da yawa suna faɗin haka.

Majo Issufu: Zafin fitarsa gaskiya ne, musamman ga mai tsagewa a wurin. Amma cewa shi ke haifar da basir, ban yarda ba. Wanda ya ga yana damunsa ya rage, ba zan yi musu da jikinsa ba.

Tunda na ambaci tsagewa, ita ma ana kiranta basir alhali daban take. Mai ita yana jin zafin yanka daidai lokacin da bayan gida ke fita, zafin ya zauna minti da yawa ko awa bayan ya gama, da ɗan jini kaɗan, har ya riƙa tsoron shiga salanga. Sani bai faɗi haka ba, shi ya sa ban kawo ta a kansa ba.

Rabi'atu: Baba Majo, mahaifina ne, shekararsa 61, yana ƙauye wajen Madarunfa. Wata da watanni yana ganin jini, amma ya ce ba ja ba ne sosai, gauraye yake da kashin, wani lokaci da majina. Yau zawo gobe tauri, in ya zaga sai ya ji kamar bai gama ba. Ya rame, wandunansa duk sun yi masa yawa. Babu abin da ke fitowa. Na karanta bayaninka na ce to na 1 ne, hankalina ya ɗan kwanta.

Majo Issufu: Ɗiyata, kada ya kwanta tukuna. Ba a ba mutum mataki na 1 daga labari, sai an leƙa an gani, an kuma tabbata babu wani abu a sama. Jinin basir ja ne, sabo, yana zuwa bayan kashi ko a jikinsa ta waje, ko ya ɗiga. Ba ya gauraya, ba ya ramar da mutum, ba ya canza masa yanayin bayan gida. Abin da kika lissafa a dattijo mai shekara 61 dole a bincika hanjinsa. Yana iya zama atuni da ya daɗe, ko tsutsar ruwa tunda yana kusa da tabki, yana kuma iya zama ƙari a hanji, kuma ba na so in ɓoye miki wannan. Ki kawo shi Maraɗi cikin makon nan. Ki faɗa wa lokotoro abubuwa ukun nan da bakinki: jini gauraye, rama, canjin bayan gida. A duba shi da yatsa, a auna jini da kashi, in an ce a yi hoton hanji da ake zura kyamara, ku daure ku yi. Ko an ga basir a jikinsa kada ku tsaya nan, mutum yana iya samun biyun tare.

Rabi'atu: Innalillahi. Ba ya son asibiti ko kaɗan, kuma kunya ba za ta bar shi ya tuɓe ba. Zan kira yayanmu yanzu, shi yake jin maganarsa.

Hajiya Mariyama: Ku ce masa namiji ne zai duba shi, a rufe, kuma ba ya wuce ƴan mintoci. Allah ya sa a dace.

Sani Tela: Allah ya ba mahaifin Rabi'atu lafiya. Ni kuma Baba Majo, tunda na 3 ne, aiki ya zama dole ke nan? Akwai mai magani a kasuwa da ya ce yana da wani ruwa da ake ɗigawa, tsiron ya bushe ya faɗi cikin mako guda.

Majo Issufu: Wannan ruwan ƙuna yake yi, kuma ba ya bambance saman layi da ƙasansa. Na karɓi waɗanda aka yi wa, fatar bakin dubura ta ƙone zagaye, ta warke da tabo ta tsuke har yatsa ba ya shiga. Gyaran wannan ya fi aikin basir wuya nesa ba kusa ba. Kada ka kusance shi.

Amfanin matakin dama shi ne zaɓen magani. Kowane mataki da gyaran bayan gida ake farawa, kuma na 1 da na 2 da yawa nan suke tsayawa. A naka, gyaran zai rage jini da yawan fitowa, amma naman da ya riga ya saki ba lalle ya koma mazauninsa ba. Maganin da ke biye shi ne ɗaurin roba: ta cikin bututun nan ake kama tushen basir ɗin, a sa masa ɗan zoben roba a saman layi, inda ba a jin zafin. Jini ya yanke masa, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda, tabon da ya bari ya riƙe sauran naman a sama. Za ka ji nauyi kwana ɗaya ko biyu. In aka ji zafi mai tsini nan take, robar ta sauko ƙasa da yawa, a faɗa a cire. Ka ga dalilin da ba a ɗaura wa na waje roba ko kaɗan. Ya fi aiki a na 1 da na 2 da wasu na 3, akan yi shi fiye da sau ɗaya, kuma yana iya dawowa. Ana iya ganin jini bayan kwana 10 zuwa 14, mai shan asfirin ko maganin tsinka jini dole ya faɗa tun kafin a fara. Zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita bayan ɗaurin, a koma asibiti da gudu. Ba kowane asibiti ke da kayan ba, sai ka tambaya.

Na 3 mai girma, ko wanda ya haɗu da na waje, da na 4, su ne na fiɗa. Ita ta fi hana dawowa, amma ba zan yi maka ƙarya ba, makonni biyu na farko akwai zafi, musamman wajen zagawa, kuma warkewa sosai ta kan kai wata guda ko fiye.

Lawali: Ni da ni ne Yaya Sani fiɗar zan yi sau ɗaya in huta, tunda ya riga ya kai ga turawa da hannu.

Hajiya Mariyama: Lawali, mai iyali da ke ci daga keken ɗinki ba ya ajiye aiki wata guda da sauƙi haka. Ni da zai fara da gyaran ciki sosai na makonni shida ya ga inda ya tsaya.

Majo Issufu: Kowannenku da hujjarsa, kuma wanda ya leƙa ya ga girmansa shi ya fi mu sanin wanda ya dace. In awon jini ya nuna ya yi ƙasa, ni ba zan so a jira ba. Kafin nan Sani, ga abin da ke hannunka. Wake, zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, gwanda, da tuwon geron da ba a surfe shi tas ba, su shiga cikin abincinka kullum, a ƙara a hankali don kada ciki ya kumbura. Burodi da shayi da farar shinkafa kaɗai ba za su fisshe ka ba. Ruwa ka ajiye kusa da keke, da zafin garin nan lita biyu ma kaɗan ne. In bayan gida ya zo kada ka riƙe shi don kana sauri ka gama ɗinkin wani. Kada ka shiga salanga da waya, minti uku zuwa biyar ya isa, in bai zo ba ka fito. In naman ya fito ka mayar da shi nan take bayan tsarki, da ɗan man shafawa, kada ka bar shi a waje ka koma kan keke. Man basir da maganin cusawa na farmasi suna rage ƙaiƙayi da kumburi, ba sa mayar da na 3 ya zama na 2, kuma mai kotizon a ciki ba a wuce mako guda ana shafa shi.

Sani Tela: Na rubuta duka. Lokotoron ya ce in koma ranar Litinin. Zan tambaye shi awon jini, da ko nawa zai ɗauru da roba. In ya ce fiɗa, zan roƙi a bari sai bayan Salla, don yanzu kayan mutane sun cika shago. Ko jinkirin zai iya cutar da ni?

Majo Issufu: In jininka bai yi ƙasa ba kuma yana komawa in ka tura, ƴan makonni ba za su ɓata komai ba, amma ka bar shi ya yanke bayan ya ga sakamakon. Ranar da ya fito ya ƙi komawa da zafi, ko jini ya zuba da yawa har ka ji jiri, ba maganar Salla. Mamman, ka tafi kuwa?

Mamman Kabu-kabu: Ina kan layi yanzu Baba, mutum huɗu ne gabana. A tsaye nake, bencin ba ya zaunuwa.